Gano bayanan da aka goge a daidaitawar ƙari

Daidaitawar ƙari hanya ce ta kwafo bayanai daga wani rumbu, wanda ake kira tushe, zuwa wani rumbun, wanda ake kira kwafi, ba tare da an sake ɗebo komai a kowane zagaye ba. Abin da ya sauya tun zagayen baya kawai ake ɗaukowa. Hanyar tana da sauƙi kuma ba ta wahalar da tushe, sai dai tana da giɓi ɗaya sananne: idan aka goge layin bayani daga tushe gaba ɗaya, tushen ba ya sanar da kowa. Yana daina mayar da layin ne kawai, shi kuma kwafi ya ci gaba da riƙe shi kamar yana nan da ransa.

Asalin matsalar

Mafi yawan manhajojin daidaitawa suna dogara da wani gurbi a tebur da ke ɗauke da lokacin sauyi na ƙarshe, galibi mai suna `updated_at`. Manhajar tana ajiye lokaci mafi kusa da ta gani a zagayen baya, sai ta tambayi tushe abin da ya zo bayansa:

```sql
SELECT id, name, updated_at
FROM customers
WHERE updated_at > :cursor
ORDER BY updated_at;
```

Wannan tambaya tana kama sabon layi, tana kama wanda aka gyara, domin dukansu suna da sabon lokaci. Wanda aka goge kuwa ba shi da lokacin da za a gwada, tunda shi kansa babu shi. Ta fuskar manhajar, layin da ba a taɓa shi ba tun bara da layin da aka goge jiya duk ɗaya ne: babu wanda ya fito a amsa. Shi ya sa gyaran tambayar ba ya magance komai. Dole labarin gogewar ya zo ta wata hanya dabam.

Alamar da aka fi gane matsalar da ita ita ce yawan layukan kwafi yana ƙaruwa kullum, ba ya taɓa raguwa, har ya zarce na tushe. Daga nan sai jimillar rahotanni ta fara saɓawa, ko a aika saƙo ga mutumin da ya rufe asusunsa tuntuni. Babu saƙon kuskure ko ɗaya da zai fito, domin a ganin manhajar kowane zagaye ya kammala lafiya.

Idan tushe zai iya barin alama

Mafita mafi tsabta ita ce tushe ya daina goge layi da gaske, ya riƙa cike wani gurbi kamar `deleted_at`. Gogewa ta zama gyara ke nan, tambayar da ke sama za ta kama ta, da sharaɗin an sabunta `updated_at` a lokaci guda. Wannan sharaɗi ne ake yawan mantawa da shi.

Hanya ta biyu ita ce karanta littafin da rumbun yake rubuta duk sauyin da ya yi. PostgreSQL yana ba da damar haka tun sigar 9.4 ta shekarar 2014, MySQL kuma yana da `binlog`. Manhajar Debezium tana karanta irin waɗannan littattafai, ta fitar da kowace gogewa a matsayin saƙo mai alamar `"op": "d"`. A PostgreSQL, in ba a sauya `REPLICA IDENTITY` ba, lambar shaidar layin kaɗai saƙon gogewar yake ɗauke da ita, ba sauran abin da ke cikinsa ba.

Wasu kafofin intanet ma suna bayyana gogewa da kansu. Microsoft Graph yana sa wa abin da aka cire alamar `@removed`, Google Calendar kuma yana mayar da taron da aka goge da matsayin `cancelled`. Amma irin wannan alama, wadda masana ke kira alamar kabari, ba koyaushe take dawwama ba. Idan shaidar daidaitawa ta Google Calendar, wadda ke nuna inda aka tsaya a zagayen baya, ta daina aiki, sabar tana amsawa da `410`, ma'ana a watsar da abin da ke hannu a fara daga farko. A Kafka, manhajar isar da saƙonni tsakanin manhajoji, tsarin `delete.retention.ms` na asali awa 24 ne, don haka mai karatun da ya yi jinkirin da ya wuce haka yana iya samun an share alamar kafin ya gan ta. Ƙa'idar OAI-PMH, wadda rumbunan takardun bincike ke amfani da ita, ta fito fili a kan wannan: kowane rumbu yana bayyana matsayinsa game da gogewa, ko `persistent`, ko `transient`, ko `no`. Wanda ya ce `no` ya riga ya faɗa wa mai kwafa cewa ba zai taɓa jin labarin gogewa daga gare shi ba, kuma a nan ne ainihin aikin yake.

Gwada lambobin shaida

Idan tushe ba ya barin alama, kuma ba a da ikon sauya shi, abin da ya rage shi ne a gano gogewar ta hanyar rashi. Lokaci zuwa lokaci, a ce sau ɗaya a dare, ana ɗebo jerin lambobin shaida na duk layukan da ke tushe, lambobin kaɗai ba tare da sauran bayani ba, a zuba su a tebur na wucin gadi. Duk lambar da ke kwafi amma babu ita a jerin, ana zargin an goge ta. Nauyin aikin bai kai yadda ake tsoro ba: lambobi miliyan biyu irin na UUID, kowace mai bayit 16, megabayit 32 ne kacal.

Kalmar zargi tana da muhimmanci a nan, domin rashi a jeri ba hujja ba ce. Abubuwa da dama suna sa layi mai rai ya ɓace daga jeri.

Na farko shi ne yadda ake karanta shafuka. A ce ana ɗebo lambobi dubu a kowane shafi ta amfani da `OFFSET`. An karanta shafi na farko, daga layi na 1 zuwa na 1,000. Kafin a nemi shafi na biyu, sai wani ya goge layi na 500 a tushe. Duk layukan da ke bayansa sun matso gaba da mataki ɗaya, wanda yake na 1,001 ya koma na 1,000. Shafi na biyu zai tsallake dubun farko, ya fara da wanda a da yake na 1,002. Na 1,001 bai fito a shafi na farko ba, bai fito a na biyu ba, alhali yana nan lafiya lau. Wato gogewa ta gaskiya ta haifi gogewa ta ƙarya. Maganinsa shi ne a riƙa neman shafi da lamba ta ƙarshe da aka gani, `WHERE id > :last_id ORDER BY id`, tunda wannan ba ya girgiza idan layuka sun matsa.

Na biyu shi ne tsere tsakanin ayyuka biyu. Ɗebo jerin yana iya cin minti arba'in, kuma a cikin wannan lokaci daidaitawar ƙari ba ta tsaya ba. Idan aka ƙirƙiri sabon layi wanda lambarsa ta faɗa a yankin da aka riga aka wuce, zai shigo kwafi amma ba zai kasance a jerin ba. Don haka layukan da suka iso kwafi kafin a fara ɗebo jerin su kaɗai ake gwadawa:

```sql
UPDATE customers_copy c
SET missing_since = now()
WHERE c.first_synced_at < :scan_start
  AND c.missing_since IS NULL
  AND NOT EXISTS (
    SELECT 1 FROM seen_ids s WHERE s.id = c.id);
```

An zaɓi `NOT EXISTS` a kan `NOT IN` da gangan. Idan `NULL` guda ɗaya ya shiga jerin, `NOT IN` ba zai mayar da layi ko ɗaya ba, sai a zaci ba a goge komai ba.

Na uku ya fi duka haɗari, shi ne jerin da bai cika ba. Haɗi ya yanke a tsakiya, ko sabar ta mayar da shafi fanko saboda an cika ta da tambayoyi, ko an rage wa asusun daidaitawa izini ba a sanar ba. Idan aikin ya tsaya a shafi na 1,200 daga cikin 2,000, manhajar kuma ta ɗauka ta gama, layuka 800,000 za su zama kamar an goge su, kashi 40 cikin ɗari na teburin. Saboda haka ba a gwada komai sai an tabbatar jerin ya kai ƙarshe, kuma ana sa iyaka: idan waɗanda ake zargi suka wuce wani kaso, a ce ɗaya cikin ɗari, aikin ya tsaya ya jira mutum ya duba. Kason da ya dace ya danganta da yawan gogewar da teburin ya saba gani.

Misali da alƙaluma

A ɗauka an fara ɗebo jerin da ƙarfe 2:00 na dare, an gama 2:40, an samu lambobi 2,000,000, dukansu suna kwafi. Shi kuwa kwafin yana da layuka 2,000,412, bambancin 412 ke nan. Daga ciki, 57 sun iso ne bayan ƙarfe 2:00, sai a ajiye su gefe. Saura 355, adadin da yake ƙasa sosai da iyakar 20,000, don haka aiki ya ci gaba.

Tunda ba su da yawa, ana iya tambayar tushe a kan kowace lamba ɗaya bayan ɗaya. A ce 340 sun dawo da `404`, wato ba a same su ba, 12 sun dawo da `403`, uku kuma sun dawo da `200` da cikakken bayaninsu. Ukun nan suna raye, a cire musu alama, amma kada a wuce su haka nan, domin suna nuna cewa jerin yana zubar da layuka a wani wuri. Sha biyun suna nan a tushe, izinin ganinsu ne aka janye. Ko za a ci gaba da riƙe su a kwafi ko a'a, wannan shawara ce ta masu bayanan, ba ta manhaja ba. Ɗari uku da arba'in ɗin su ne aka fi kyautata zaton an goge. Ko su ma da sauran hattara, domin wasu kafofin, GitHub alal misali, suna amsawa da `404` a kan abin da yake nan amma mai tambaya ba shi da izinin ganinsa.

Inda tambaya ɗaya-ɗaya ba ta yiwuwa, ana jira sai layi ya ɓace a zagaye biyu ko uku a jere. A kowane hali, alama ake fara sa wa layin a `missing_since`, a ɓoye shi daga rahotanni, a bar gogewa ta gaske sai bayan wasu kwanaki. Idan lambar ta sake bayyana, cire alamar ya isa.

Iyakar hanyar

Gwajin yana faɗin cewa layi ya ɓace tsakanin zagaye biyu, ba ya faɗin lokacin da aka goge shi ko wanda ya goge shi. Lokacin da ke `missing_since` na ganowa ne, kuma bai kamata a kai shi rahoto a matsayin lokacin gogewa ba. Idan sau ɗaya a dare ake gwajin, kwafi yana iya riƙe layin da aka goge har kusan awa 24 kafin a gano shi. Layin da aka ƙirƙira aka kuma goge kafin daidaitawa ta gan shi ba zai bar sawu ko kaɗan ba.

Idan teburin ya yi girman da ɗebo duk lambobin ya zama nauyi, kuma tushe yana karɓar tambayar lissafi, ana raba lambobin yanki-yanki, a gwada taƙaitaccen lissafin kowane yanki a ɓangarorin biyu, a shiga yankin da ya saɓa kawai. Ƙirga layuka kaɗai bai isa wannan aiki ba: yankin da aka goge layi ɗaya a cikinsa, kuma kwafi ya rasa wani sabo ɗaya, zai ba da adadi iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Shi ya sa ake haɗa ƙirgan da lissafin da aka fitar daga lambobin kansu, wanda yake sauyawa da zarar lamba ɗaya ta bambanta.