Toshewar hanyar numfashi a karnuka masu gajeren hanci

Karnuka irin su Pug, Buldog na Ingila da Buldog na Faransa suna yawan fama da wata lalurar numfashi da likitocin dabbobi ke kira BOAS. Asalinta daga kiwo ne. An yi ta zaɓen masu shafaffiyar fuska ana haɗa su har ƙashin fuskar ya gajarce, amma naman da ke ciki bai ragu daidai da shi ba. Sai ya cunkushe a ɗan ƙaramin wuri.

Kafofin hancinsu a tsuke suke, wani lokaci kamar an tsaga da reza. Can ciki kuma, lallausan naman ƙarshen ganɗa ya yi tsawo da kauri, yana rufe bakin maƙogwaro duk lokacin da karen ya ja iska. Shi ne ke kawo minsharin da masu karnukan ke ɗauka halitta ce kawai, alhali alamar wahala ce. Da yake karen da ƙarfi yake zuƙar iska, a hankali wasu ƙananan aljihunan nama a maƙogwaro sukan juyo waje, guringuntsin wurin ya yi laushi, daga baya ya rufta. Kuma tunda kare da haki yake sanyaya jikinsa, zafi kan iya kashe irin waɗannan.

A Jami'ar Kambirij da ke Ingila an tsara wani gwaji mai sauƙi: a saurari numfashin karen, a sa shi sassarfa na minti 3, a sake saurara, sannan a ba shi mataki daga 0 zuwa 3. Wanda ya kai 2 ko 3 yana bukatar magani. Barci a zaune, yawan tumbuɗi, harshe ya yi shuɗi, duk alamun abin ya yi nisa ne.

Galibi ayyuka biyu ake haɗawa a tiyata ɗaya. Ana yanke ɗan nama a gefen kowace kafar hanci a ɗinke don ta buɗe, sannan a rage tsawon ganɗa, ko a rage har da kaurinta. Nan ake gane gwani: in an rage kaɗan toshewar tana nan, in an zarce abinci da ruwa su riƙa komawa hanci. Wasu likitocin kan cire aljihunan da suka juyo, ko su ƙone naman da ya toshe cikin hanci da leza. Idan maƙogwaro ya riga ya rufta, akan buɗe ƙofar numfashi ta dindindin a wuya.

Hatsarin ya fi yawa a sa'o'i 24 na farko bayan tiyata, saboda kumburi da shaƙar amai zuwa huhu. Tiyata sauƙi take kawowa, ba warkewa ba. Bututun iskan da aka haifi kare da shi a tsuke, kamar yadda ake yawan gani a Buldog na Ingila, ba ya gyaruwa da wuƙa, kuma ƙiba kan rage amfanin aikin.