Rubutun Bayan Darasi: Tambayoyin da Malamai Ba Sa Gajiya da Yi

Me zan rubuta a ciki?

Abin da ka tsara, abin da ya faru a aji, shaidar da ke hannunka, da gyara guda da za ka yi wa shirin darasin. Layi biyar ko shida sun wadatar.

Na rubuta "darasi ya tafi lafiya", an ce bai isa ba. Me ya sa?

Domin babu abin da za a gyara da wannan jimla. Malamin da zai buɗe shirin nan baɗi, wanda mai yiwuwa kai ne da kanka, yana bukatar ya san cewa gabatarwar da aka ba minti 5 ta cinye minti 15, kuma aikin rukuni ya tsaya a tambaya ta biyu.

Zan iya barinsa sai ƙarshen mako?

A'a. Kafin ƙarshen mako ka manta ainihin amsar da yaro ya bayar, abin da zai rage maka shi ne ko ka ji daɗin darasin ko ba ka ji ba. Ka rubuta a ranar.

Darasi ya lalace. Ta yaya zan gane ko shirin ne da laifi ko kuwa ranar ce ba ta yi kyau ba?

Wannan ce tambayar da ta cancanci dogon bayani, kuma ba kullum ake samun amsa yankakkiya ba. A ce darasin lissafi ne na minti 40 kan tara rabi da sulusi, ɗalibai 36, ka rufe da tambaya guda a ƙaramar takarda: 1/2 + 1/3. Amsar daidai ita ce 5/6. Kada ka tsaya ga ƙirga waɗanda suka faɗi, ka ware takardun bisa irin kuskuren.

Idan ka tarar 20 sun rubuta 2/5, wannan ba gajiya ba ce, domin gajiya ba ta cika sa yara 20 su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Sun tara lambobin sama, sun tara na ƙasa, wato suna bin wata ƙa'ida da suka ɗauka daidai ce. A nan zargi ya fi karkata ga shirin, kuma wataƙila ka wuce zuwa dabarar daidaita lambar ƙasa kafin su ga cewa rabi sudusi uku ne, sulusi kuma sudusi biyu. Abin da za ka rubuta ke nan: "20 cikin 36 sun ba da 2/5. A gaba, minti 10 na farko za su naɗe takarda gida shida, sannan a tambaye su ko 2/5 ya kai rabi." Wannan tambaya tana da ƙarfi, domin 2/5 bai kai rabi ba, kuma ba zai yiwu a ƙara wa rabi wani abu ya ragu ba.

Idan kuwa amsoshin sun warwatse, ko yawancin takardun babu komai a kansu, to hukunci ya fi wuya. Yana iya zama lokaci ne ya ƙure, wanda shi ma laifin shiri ne, yana iya zama darasin ya faɗo a ƙarshen yini. Mai koyar da azuzuwa biyu yana da sauƙi: ya maimaita shirin yadda yake a aji na biyu, in matsalar ta sake fitowa a wuri guda, ya gyara. Ko wannan ma ba hujja ce cikakkiya ba, tunda azuzuwan biyu ba lallai su zo da tushe iri ɗaya ba, kuma malami kan fi iya bayani a karo na biyu ko da bai sauya komai a takarda ba. Mai aji guda kawai ya rubuta zatonsa a matsayin zato, ya sake jefa tambaya makamanciya washegari, kamar 1/2 + 1/4, ya ga ko 2/6 za ta fito.

Zan iya rubuta cewa yaran ne ba sa mai da hankali?

Ana yawan rubuta haka, kuma ba ya amfanar kowa. A wane minti suka fara surutu, kuma me kake yi a lokacin? Sau da yawa za ka tarar ka yi minti 12 kana magana kai kaɗai a gaban allo.

Na ga kurakurai shida. In gyara duka?

Kwantar da hankalinka, kowane darasi haka yake idan aka dube shi da kyau. Ka zaɓi ɗaya, in ya yi yawa biyu, domin idan ka sauya abubuwa shida kuma sakamako ya inganta, ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

A ina zan ajiye shi?

A jikin shirin darasin, da kwanan wata da sunan aji, kuma ka shigar da gyaran cikin shirin nan take. Wanda ya ajiye shi a wani littafi daban zai koyar da 1/2 + 1/3 baɗi da tsohon shirin.