Jinin huhu da jinin jiki: hanya biyu, matsi daban

Wai jinin da ke bi ta huhu bai kai na jiki yawa ba?

Ya kai. Na sha faɗa: duk abin da ɓangaren dama na zuciya ya tura huhu, shi ne ke dawowa ɓangaren hagu ya tura jiki. Kusan lita 5 a minti ga babban mutum yana hutawa, nan da can.

To ina bambancin?

Matsi. A hannu ana samun 120 bisa 80, a babbar jijiyar huhu kuwa kusan 25 bisa 10 ne. Wanda ke tura ruwa tankin saman bene a Agege ya san injinsa ba irin na mai ban ruwan tsakar gida ba ne. Huhu na dab da zuciya, jijiyoyinsa gajeru ne masu taushi, suna buɗewa idan jini ya ƙaru. Shi ya sa kaurin bangon ɓangaren dama na zuciya bai wuce milimita 5 ba, na hagu kuwa kusan 10.

Likita, an auna mahaifiyata a kemis a Mil 12, jininta daidai, amma asibiti sun ce hawan jinin huhu ne. Wa zan yarda da shi?

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, mai yiwuwa duka biyun gaskiya suka faɗa. Abin awon da ake ɗaurawa a dantse ba ya ganin huhu ko kaɗan. Hoton zuciya, wato eko, shi ke ƙiyasta matsin can, kuma ƙiyasi ne, yakan zarce ko ya gaza. Tabbaci sai an zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya. Idan matsakaicin matsi ya haura 20, a nan ake kiransa hawan jinin huhu. Ba kowa ake yi wa wannan ba.

Abin da zan so ki tambaye su shi ne sanadi, don magani ya danganta da shi. Sau da yawa laifin daga ɓangaren hagu ne: ya gaza kwashe jini, jinin ya taru baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu, har Hajiya ta kasa kwanciya sai da matashin kai biyu ko uku. Wani lokaci kuma tsohon tabon tibi ne, ko daskararren jini, ko sikila. Jijiyoyin huhu suna da wata ɗabi'a: inda iska ta yi ƙaranci sai su tsuke, alhali na jiki buɗewa suke yi. Idan huhun gaba ɗaya ya lalace, duk su tsuke, ɓangaren dama mai siririn bango ya gaji. Alamarsa haki, kumburin ƙafa da ciki, da jijiyar wuya ta fito.

Ban duba ta ba, ba zan yanke hukunci daga nesa ba. Amma idan ta suma, ko leɓenta ya yi duhu, a tafi asibiti nan take.

In ba ta maganin hawan jinin Baba kafin nan?

Kul! Zai iya kayar da matsin jikinta ta faɗi, na huhun yana nan inda yake.