Manhaja ƙarama, kayanta jibgi: yaushe ya fi kyau a koma burauza?

Na sauke manhaja ba ta kai MB 100 ba, yau wayata ta ce ta cinye GB 3. Daga ina sauran suka fito?

Adadin da ka gani a Play Store nauyin manhajar ne kawai a ƙunshe, kafin ta zauna a waya ta fara aiki. Daga ranar da ka buɗe ta, sai ta shiga tara kaya. Idan wayarka Android ce, shiga Settings, ka taɓa Apps, ka zaɓi manhajar, sannan Storage ko Storage & cache. Za ka ga lissafin ya rabu uku: App size, wato ita kanta manhajar; User data, wato abin da ta adana da sunanka, kamar shaidar shigarka, saƙonni da abin da ka sauke; sai Cache, ajiyar wucin gadi ta hotuna da guntayen bidiyon da ka riga ka kalla, don kada ta sake jawo su daga intanet.

Na farkon ba ya ƙaruwa sosai sai lokacin sabuntawa. Biyun nan na baya su ne ke kumbura. Amma girmansu ba shi ne abin fara dubawa ba. Abin fara tambaya shi ne: ina asalin kayan yake? Bidiyon da ka kalla a Facebook ko TikTok yana can a rumbun kamfanin, na cikin wayarka kwafi ne, ko ka share shi ba ka yi asarar komai ba. Hoton ɗaurin aure da aka turo maka a WhatsApp kuwa, sau da yawa na wayarka shi ne kaɗai kwafin da kake da iko da shi. Wannan bambancin ne zai gaya maka wadda za ka iya korewa ka koma burauza irin su Chrome, da wadda dole ka zauna ka tsince ta da hannu.

To ni WhatsApp ce ta cika min waya. Na danna Clear cache, ko gezau. Me ya sa?

Saboda kayan WhatsApp ba a Cache suke ba. Hotuna, bidiyo da saƙon murya fayiloli ne na dindindin, a sababbin wayoyin Android suna zaune a nan:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media
```

Mu ɗauki misali mu yi lissafi. A ce Hajiya tana saida atamfa da leshi, wayarta mai GB 32 ce, kuma tsarin wayar da manhajojin da ta zo da su sun riga sun ɗebi rabonsu. Tana cikin gurup na 'yan kasuwa, da na dangi, da na makarantar yara. A ce duk rana bidiyo goma ne ke shigowa daga gurup-gurup ɗin nan, kowanne MB 8, kuma wayar tana sauke su da kanta. MB 80 ke nan a rana, GB 2.4 a wata. Wata huɗu kacal, kusan GB 10 sun tafi, alhali rabin bidiyon ma ba ta buɗe su ba. Ga kuma nata da take ɗauka ta tura wa masu saye: wanda kyamara ta ɗauka yana nan a ma'ajiyar hotuna, sannan WhatsApp ta ajiye wani kwafin a jakar Sent.

Maganin yana cikin manhajar kanta. A shiga Settings na WhatsApp, Storage and data, Manage storage. Nan za a ga an ware fayilolin da suka wuce MB 5, da waɗanda aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu, sannan an jera hirarraki daga mafi nauyi. Yawanci gurup biyu ko uku ne ke riƙe da kaso mafi tsoka. A fara da su, a tsame hotunan kaya da rasit na biyan kuɗi, a share sauran. Daga nan a koma Media auto-download a cire alamar bidiyo, ko ana kan data ko ana kan Wi-Fi. Idan ba a rufe wannan ƙofar ba, shara da iska ake yi.

Maɓallin da ba a taɓa wa WhatsApp shi ne Clear storage, wasu wayoyin suna rubuta Clear data. Yana zaune daf da Clear cache, kuma mutane da yawa sun danna shi cikin gaggawa. Yana mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta: hirarraki sun tafi, sai an sake rijistar lamba. Abin da zai dawo shi ne abin da ke cikin ajiyar Google Drive, ita ma ba ta ɗaukar bidiyo sai an kunna Include videos tun farko.

In haka ne, in goge ta in riƙa amfani da WhatsApp Web mana?

A'a, wannan ba ta cikin waɗanda ake yi wa haka. WhatsApp Web reshe ne, ana jona shi da asusun da ke kan babbar wayarka. Idan babbar wayar ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba, na'urorin da aka jona sukan fita da kansu. Telegram ce ta sha bamban: hirarrakinta na yau da kullum a rumbun kamfanin suke, shi ya sa za ka iya shiga Data and Storage, Storage Usage, ka share ajiyar, ka kuma ƙayyade iya kwanakin da fayil zai zauna a waya. Duk abin da ka nema daga baya sai ka sake saukewa, muddin wanda ya turo bai goge ba.

Waɗanne ne suka dace da burauza, kuma ta yaya zan tabbatar kafin in goge?

Waɗanda yawanci kallo da karatu kake yi a cikinsu: Facebook, X, YouTube, jaridu, shafukan saye da sayarwa da kake leƙawa jefi-jefi. Duk abin da ke cikinsu yana wurin kamfanin, manhajar taga ce kawai.

Ga gwajin da nake ba mutane. Ka rubuta adadin Total na manhajar yau, wato jimillar da ke shafin Storage, ka danna Clear cache, ka sake rubutawa. Ka ci gaba da amfani da ita yadda ka saba har mako ɗaya, sannan ka duba. Idan ta koma kusan inda take, sharewa ba magani ba ne, haka za ka yi ta yi duk mako. Sai ka tambayi kanka abin da kake yi a cikinta. Mai leƙa Facebook da daddare ya ga labarin gari ya yi ta'aziyya biyu, burauza ta ishe shi. Mai yin shiri kai tsaye, ko mai ɗora bidiyon kayan sayarwa kullum, ko wanda cinikinsa ya dogara da jin ƙarar saƙo nan take, ya bar manhajarsa, ya nemi fili a wani wuri.

Kada ka goge tukuna. Buɗe Chrome, rubuta adireshin da hannunka, ka shiga asusunka yayin da manhajar take nan. Wannan matakin nake nanatawa, don a nan ake yawan kuka. Mutum nawa ne wani yaro a kasuwar waya ya buɗe musu asusu shekaru da suka wuce, ba su taɓa sanin kalmar sirri ba, layin da aka yi rijistar da shi ma ya ɓace? Manhajar ce kaɗai ke riƙe da su a ciki. Ranar da aka goge ta, asusun ya kuɓuce. Saboda haka a tabbatar da kalmar sirri, a gyara lambar waya, a ga shiga ta burauza ta yiwu. Mai TikTok kuma ya sani cewa Drafts a waya suke zaune, gogewar manhaja tana tafiya da su.

Idan komai ya daidaita, taɓa ɗigo ukun nan na saman Chrome ka zaɓi Add to Home screen. Alamar shafin za ta fito a fuskar waya kamar ta manhaja. Ka yi kwana biyu da ita, in ba ka rasa komai ba, sai ka goge babbar.

Burauzar ba ta tara nata kayan ne? Kuma ba za ta fi shan data ba?

Tana tarawa. Wanda ya mayar da manhajoji huɗu cikin Chrome zai ga Chrome ɗin ta yi nauyi, kuma a Site settings zai iya ganin abin da kowane shafi ya ajiye, ya share na wanda ya ga dama. Ribar ita ce an rabu da nauyin manhajojin kansu da sabuntawarsu, an rage masu aiki a ɓoye suna jawo abin da ba ka nema ba, kuma ajiyar ta koma wuri ɗaya.

Batun data kuwa, bidiyo ne ke shan ta, ba hanyar da aka bi aka kalle shi ba. Minti goma na bidiyo mai inganci ɗaya kusan abu ɗaya zai ci a ko'ina. Hana bidiyo kunna kansa da rage ingancin hoton sun fi canjin manhaja tasiri. Akwai ma inda burauza ke cutarwa: a waya mai RAM kaɗan, GB 2 misali, idan ka fita ka amsa saƙo ka dawo, sau da yawa shafin sai ya sake lodi daga farko, ka rasa inda kake, data ta sake tafiya. Alamar ke nan cewa burauza ba ta dace da wayar ba. A nan Lite ta fi: Facebook Lite, wadda aka fitar a 2015 don ƙananan wayoyi da sabis mai rauni, ko TikTok Lite.

Manhajar banki fa? Ita ma ta yi nauyi.

Ka bar ta. Ba kasafai kayanta ke kai na manhajojin bidiyo ba, kuma tana ɗaure da wayarka ta hanyar zanen yatsa da rijistar na'ura, gogewa na iya jawo maka sake tantancewa. Shafukan bogi masu kama da na banki ma ta burauza suke kama mutane. Haka manhajar da ke ba da lambobin tsaro na shiga asusu, kada a yi mata Clear storage.

Tawa iPhone ce, ba na ganin Clear cache.

Babu shi a tsarin iPhone. Shiga Settings, General, iPhone Storage, ka taɓa manhajar: za ka ga App Size da Documents & Data. Offload App yana cire manhajar ne ya bar kayanta, ke nan idan kayan ne suka fi yawa, ɗan abin da za ka samu kaɗan ne. Ga irin su Facebook da Instagram, Delete App sannan a sake saukewa shi ke kwashe tarin, bayan an tabbatar da kalmar sirri. Idan kuma Safari za ka koma, maɓallin Share yana da Add to Home Screen, kuma tun iOS 16.4 na 2023 shafin da aka ɗora a fuskar waya ta wannan hanyar yana iya turo sanarwa, in dai masu shafin sun tanadi hakan.