Waiwaye: yadda aka yi wa bashin birane takunkumi

Babu birnin da zai gina madatsar ruwa ko babbar gada daga harajin shekara guda. Aikin da zai yi wa jama'a amfani shekara talatin, adalci ne waɗanda za su more shi nan gaba su ma su biya nasu kason. Shi ya sa hukumomin birane suke cin bashi, ko dai rance kai tsaye daga banki, ko ta sayar da takardun lamuni. Takardar lamuni alƙawari ce a rubuce: birni ya karɓi kuɗin mai saye, zai riƙa biyansa kuɗin ruwa a kan kari, sannan ya mayar masa da uwar kuɗin ranar da wa'adi ya cika. Dokokin da suka kange wannan bashi kuwa, galibinsu sai da wasu birane suka sha wuya aka rubuta su.

Mafarin yana Amurka, a tsakiyar ƙarni na 19. A lokacin, garuruwa na rububin ganin layin dogo ya bi ta kansu, sai su sayar da takardun lamuni su zuba kuɗin cikin hannun jarin kamfanin jirgin ƙasa. Wasu layukan ba a taɓa shimfiɗa su ba, wasu kamfanonin suka karye, musamman bayan rikicin kuɗi na 1873, aka bar masu biyan haraji da bashin abin da ba su gani ba. Jihohi suka shiga sa iyaka a kundin tsarin mulkinsu. Na Illinois na 1870 ya hana garuruwa sayen hannun jarin kamfanonin jirgin ƙasa, ya ce bashi kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na ƙimar kadarorin da ake karɓar haraji a kansu, kuma ya wajabta a sa harajin da zai biya bashin cikin shekara 20. Sharaɗi na ƙarshen nan ya fi sauran hikima, domin ya tilasta a nuna inda kuɗin biya zai fito tun kafin a karɓi rancen.

Ba a daɗe ba aka samu ɓarauniyar hanya. Kotuna suka amince cewa takardar da za a biya daga kuɗin shigar aikin kansa, kamar kuɗin ruwan famfo, ba ta shiga lissafin iyakar, tunda ba a jinginar da harajin gari ba. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai daga nan aka fara kafa hukumomi na musamman da kamfanonin birni masu cin bashi da sunansu, alhali in abu ya ɓaci kan birnin zai koma.

New York ta nuna wata ɓarakar a 1975. Shekaru da dama birnin yana toshe giɓin kasafinsa da rance mai gajeren wa'adi, da sunan harajin da yake sa ran zai shigo. In wa'adi ya cika, sai ya sayar da sababbin takardu ya biya tsofaffi. Har kuɗin gudanar da aiki na yau da kullum ana cusa su cikin kasafin manyan ayyuka don a samu hujjar ranto su. Irin wannan bashi ya kai kusan dala biliyan 6, kuma ranar da bankuna suka ƙi sayar masa da sababbin takardu, babu abin biya. Gwamnatin jihar New York ta kafa hukumar da ta karɓe ragamar kuɗin birnin, aka sallami dubban ma'aikata. Abin da ya kayar da shi har da gajartar wa'adi: birnin da dole ya koma kasuwa duk bayan 'yan watanni, rayuwarsa na hannun masu ba shi rance.

Ƙasashen da suka rubuta dokokinsu daga baya sun ɗauki darasi. Dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta Afirka ta Kudu ta 2003 ta ce rance mai gajeren wa'adi a biya shi cikin shekarar kasafin da aka ci shi, mai dogon wa'adi kuma na manyan ayyuka ne, ko na sake tsara tsohon bashi bisa sharuɗɗa. Ta kuma ce bashin ya kasance a kuɗin ƙasar, wato rand, saboda birnin da ke karɓar haraji a kuɗin gida ba shi da garkuwa in canji ya tashi. Brazil kuwa, bayan dokarta ta 2000, ta auna bashi da kuɗin shiga maimakon kadara: jimillar bashin birni kada ta wuce kashi 120 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, abin da yake biya a shekara kuma, ruwa da uwa, kada ya wuce kashi 11.5.

A gwada waɗannan ma'aunai biyu a kan birnin da ke samun miliyan 100 a shekara, ana binsa miliyan 40, yana biyan miliyan 5 duk shekara. Yana son ranto miliyan 60 na aikin ruwa, a biya cikin shekara 20, da kuɗin ruwa kashi 10. Ta fuskar jimilla babu matsala, 40 da 60 sun zama 100, ƙasa da 120. Amma biyan sabon rancen daidai wa daida zai ci kusan miliyan 7 a shekara. A haɗa da tsohon 5, an haura miliyan 12, an ƙetare 11.5. Sararin da ya rage masa miliyan 6.5 ne, wanda ba zai ɗauki fiye da kusan miliyan 55 ba. Da ruwan zai kai kashi 14, abin da zai iya ranta ya sauko wajen miliyan 43, ba tare da kuɗin shigarsa ya canza ba. Don haka ma'aunin biyan shekara ya fi gaya wa mutum gaskiya, tunda albashi da kwashe shara daga aljihu ɗaya suke fita da shi.

Duk da haka, babu ma'aunin da ke kama abin da ba a kira shi bashi ba, kuma birnin Detroit na jihar Michigan a Amurka shi ne shaida. Dokar jihar Michigan ta taƙaita bashin birni a kashi 10 na ƙimar kadarori. A 2005 birnin na buƙatar kimanin dala biliyan 1.4 don cike giɓin asusun fansho, sarari kuma bai isa ba. Sai ya kafa wasu kamfanoni biyu, aka tara kuɗin ta hannunsu, shi kuma ya yi alƙawarin biyansu da sunan kwangilar hidima. Ya kuma ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗin ruwa da bankuna, inda shi zai riƙa biyan kuɗin ruwa tsayayye, su kuma su biya mai hawa da sauka, wadda ta juye masa lokacin da kuɗin ruwa ya faɗi a 2008, har ya jinginar da harajin gidajen caca a 2009. A Yulin 2013 ya bayyana cewa ya karye, ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi, da nauyin kusan dala biliyan 18, babban kaso daga ciki fansho ne da kuɗin magani na tsofaffin ma'aikata, waɗanda ba sa cikin lissafin iyakar. A 2014 birnin da kansa ya je kotu yana cewa waccan dabara ta 2005 kauce wa doka ce. An rage wa yawancin 'yan fansho farar hula kashi 4.5 na abin da suke karɓa, mutanen da ba su sa hannu a takarda ko ɗaya ba.

Mai duba littafin birni zai iya gane alamun tun da wuri. Ya ga ko rancen gajeren wa'adi yana komawa sifiri a ƙarshen shekara ko ana gungura shi gaba. Ya kwatanta wa'adin bashi da tsawon ran abin da aka saya, domin motar shara mai shekara bakwai ba ta cancanci bashin shekara ashirin ba. Sannan ya buɗe bayanan da ke ƙarshen rahoton binciken kuɗi, inda ake ajiye lamunin da birni ya tsaya wa kamfanoninsa, da giɓin fansho, da kuɗin 'yan kwangila da aka daɗe ba a biya ba, ya tara su a kan bashin da aka bayyana kafin ya raba da kuɗin shiga.