Hatimin ingancin azurfa da zinariya a Birtaniya

Hatimin inganci jerin ƙananan alamomi ne da ofishin gwaji ke bugawa a jikin kayan azurfa ko zinariya bayan ya auna tsabtar ƙarfen. A Ingila abin ya samo asali daga dokar Sarki Edward na Ɗaya ta 1300, a 1478 kuma aka ƙara harafin shekara a Landan. Akan sami hatimin a bayan cokali, ƙarƙashin buta ko cikin zobe, kuma sai da madubi mai ƙara girma sau 10 ake ganinsa sosai. Alamar farko takan zama haruffan sunan maƙeri ko kamfanin da ya kai kayan gwaji. Sauran ukun su ke faɗin tsabta, ofishi da shekara.

A yau ana rubuta tsabta da lamba, wato kashi nawa ne cikin 1,000. Azurfar da aka fi sani ita ce 925, sauran kashi 75 galibi jan ƙarfe ne da ke ƙara mata ƙarfi. A zinariya, 375 karat 9 ne, 585 karat 14, 750 karat 18, 916 kuma karat 22. Siffar da ta kewaye lambar ita ke nuna irin ƙarfen: ta azurfa kamar ƙwai, ta zinariya mai kusurwa takwas. Tsofaffin kayan azurfa na Ingila ba su da lamba. Hoton zaki mai tafiya ya ɗaga ƙafa ɗaya, wanda aka fara bugawa a 1544, shi ke tsaye a madadin 925.

Ofisoshi huɗu suka rage. Landan na buga kan damisa, Birmingham anka ta jirgin ruwa, Edinburgh ganuwa mai hasumiya uku, Sheffield kuma furen wardi. Kafin 1975 kambin sarauta ne alamar Sheffield a kan azurfa, kuma nan ake yawan tuntuɓe, domin kambi a jikin zinariya yana nufin ƙarfen ne, ba garin ba. Ofisoshin Chester da Glasgow an rufe su a 1962 da 1964, amma kayansu na yawo har yanzu.

Harafin shekara ne ya fi wahala, kuma ba a karanta shi sai an gane ofishi. Kafin 1975 kowane ofishi da nasa jerin da lokacin sauyawa: Landan a watan Mayu, Birmingham a Yuli, don haka harafi ɗaya yakan haɗa shekaru biyu. Landan ta daɗe tana amfani da haruffa 20, daga A zuwa U ban da J. In sun ƙare sai a koma farko da wani salon rubutu da wata siffar garkuwa da ke kewaye da harafin. Daga 1 ga Janairu 1975 ofisoshin suka koma harafi ɗaya, daga 1999 kuma buga shi ya daina zama dole.

A ɗauki cokali mai zaki, kan damisa da ƙaramin e miƙaƙƙe irin na rubutun littafi, ba wata alama sai ta maƙeri. Zaki ya ce 925 ce, damisa ta ce Landan. To amma ƙaramin e ya fito a shekaru da dama, ciki har da 1740, 1780, 1820, 1860, 1900, 1920, 1960 da 2004. Damisar Landan tana sanye da kambi har zuwa 1821. Tunda wannan ba ta da shi, 1740, 1780 da 1820 sun fita. Daga 1784 zuwa 1890 ana ƙara hoton kan sarki ko sarauniya, shaidar an biya haraji. Babu shi a nan, sai 1860 ta fita, dama nata harafin na tsohon rubutu ne mai kauri da ƙugiyoyi. Harafin 1920 ma na irin wannan tsohon rubutun ne, na 1960 kuma a karkace yake. Kayan 2004 kuwa dole su ɗauki lambar 925. Saura 1900, wato tsakanin Mayun 1900 da Mayun 1901. Sai a gwada siffar garkuwar da jadawalin Landan a tabbatar.

Yawan gogewa na cinye harafi har e ya koma kamar c, gara a wanke da ruwan sabulu a haska fitila daga gefe. Haruffan EPNS na nufin an shafa azurfa ne a kan wani ƙarfe, ko da an jera su cikin garkuwoyi kamar hatimi. Lambar 925 ita kaɗai, ba alamar ofishi, maganar maƙeri ce kawai. Akwai kuma masu yanke hatimin gaske daga ƙaramin abu su liƙa shi a jikin babba. In an hura numfashi a wurin, layin haɗin yakan bayyana. Rashin hatimi ma ba hujjar jabu ba ne, domin doka ta yafe wa zinariyar da ba ta kai giram 1 ba, da azurfar da ba ta kai giram 7.78 ba.