Ma'anar nisan lasifika a risibar sinimar gida, da yadda ya shafi wurin ajiye sabwufa

A cikin jerin saitin kowace risiba ta sinimar gida, wato na'urar da ke rarraba wa lasifikoki sauti, akwai shafin da aka rubuta wa Distance, inda ake shigar da nisan kowace lasifika daga kujerar mai kallo, da mita ko da ƙafa. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan shafi a matsayin bayanin tsarin ɗaki kawai, alhali abin da risiba take lissafawa da waɗannan lambobi shi ne lokaci. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a cikin daƙiƙa guda a ɗaki mai matsakaicin zafi, wato kusan santimita 34 a kowane milisakan, wanda shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Risiba ba ta da ikon gaggauta sautin lasifikar da ke nesa, saboda haka sai ta duba wadda ta fi kowace nisa, ta jinkirta sauran gwargwadon kusancinsu, domin sautin dukkansu ya isa kunne a lokaci guda.

Dalilin da ya sa wannan ɗan jinkiri yake da tasiri yana cikin yadda kunne yake gane inda sauti ya fito. Idan sauti iri ɗaya ya zo daga wurare biyu da tazarar 'yan milisakan, ƙwaƙwalwa tana jingina shi ga wanda ya riga isowa, ko da na biyun bai gaza shi ƙarfi ba, kuma wannan shi ne abin da Helmut Haas ya yi nazari a kai a Jamus a 1949. Shi ya sa wanda lasifikar gefensa ta hagu take dab da kunnensa yake jin ruwan sama ko hayaniyar taro a fim sun taru a wannan gefen maimakon su kewaye shi, kuma rage ƙarar lasifikar kaɗai ba ya kawar da matsalar gaba ɗaya.

A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4. An auna da tef daga inda kan mai kallo yake zuwa fuskar kowace lasifika, aka samu ta gaba hagu da ta gaba dama mita 3.2 kowacce, ta tsakiya mita 3, ta gefen hagu mita 1.5, ta gefen dama mita 2.1. Idan aka shigar da waɗannan lambobi, risiba za ta bar na gaba biyu ba jinkiri, ta jinkirta ta tsakiya da fiye da rabin milisakan kaɗan, ta gefen dama da kimanin milisakan 3, ta gefen hagu kuma da kimanin milisakan 5. Ga waɗannan lasifikoki biyar awon tef ya isa, kuma idan makirufon da ke zuwa da risiba domin auna nisa ya yi awonsa ya kawo lambar da ta yi hannun riga da ta tef, to a sake awon cikin shiru, a tabbatar makirufon yana tsayin kunne kuma ba abin da ya tare tsakaninsa da lasifikar. Sabwufa, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri, ita ce kaɗai ba ta bin wannan ƙa'ida, kuma kafin a zo kan nisanta dole a fara samar mata wuri, domin duk lokacin da aka matsar da ita lissafin ya rushe.

Sabwufa tana ɗaukar bes, wato sauti mai kauri, yawanci daga 80 Hz, wato girgiza 80 a daƙiƙa, zuwa ƙasa, tare da LFE, tashar bes ta musamman ta fina-finai, wadda take kaiwa 120 Hz. A wannan mataki igiyar sauti doguwa ce ƙwarai: a 80 Hz tsawonta mita 4.3 ne, a 40 Hz kuma ya haura mita 8, wato ya fi ɗakin kansa. Irin wannan igiya tana bugun bango ta dawo ta haɗu da wadda ke tahowa, sai a samu wuraren da bes ya ninku da wuraren da ya kusa ɓacewa, kuma waɗannan wurare ba sa motsawa. Abin ya yi kama da ruwa a baho idan aka girgiza shi: yana tashi da sauka sosai a gefuna biyu, amma a tsakiya da kyar yake motsi. Ana gano sautin farko da ɗaki yake riƙewa ta hanyar raba 343 da ninkin tsawon ɗakin, don haka a ɗakinmu tsawon mita 5 yana ba da kimanin 34 Hz, faɗin mita 4 kuma kimanin 43 Hz. Wanda ya zauna daidai tsakiyar tsawon ɗakin zai rasa mafi yawan 34 Hz duk girman sabwufar da ya saya, wanda ya jingina kujerarsa da bangon baya kuma zai same shi fiye da kima, yana gunji yana danne muryoyin 'yan wasa. Ƙara murɗa ƙarar sabwufa ba ya cike wannan rami, domin igiyar da ke dawowa tana ƙaruwa daidai da wadda ke tafiya, su ci gaba da kashe juna. Maganin shi ne matsar da kujera ko matsar da sabwufa, kuma sau da yawa rabin mita ma yana kawo bambancin da kunne zai ji.

Kusurwar ɗaki tana ba da bes mafi ƙarfi, domin daga nan sabwufa tana tayar da duk sautukan da ɗakin yake riƙewa. Wannan yana taimakon ƙaramar sabwufa a babban ɗaki, amma a wasu ɗakuna yakan sa sauti ɗaya ya rinjayi sauran, har jitar bes ta zama kamar tsirkiya ɗaya ake ta kaɗawa. A ganina bai kamata a yanke hukunci kan kusurwa ba sai an gwada, kuma akwai hanyar gwaji da ba ta buƙatar kowace na'ura. A ɗora sabwufa a kan kujerar da ake zama, kusa da tsayin kunne idan nauyinta ya bari, a kunna kiɗan da bes ɗinsa yake hawa da sauka, sannan a rarrafa a bi jikin bango da kai kusa da ƙasa, ana saurare a duk wurin da za a iya ajiye ta. Hanyar tana aiki ne saboda abin da ɗaki yake yi wa sauti tsakanin wurare biyu ɗaya ne ko da an musanya mai fitarwa da mai saurare. Wurin da ake nema shi ne inda kowane sautin bes yake fitowa daidai da ɗan'uwansa, ba inda ƙara ta fi yawa ba, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa, domin gunji yana burge kunne a minti na farko.

Bayan an samu wurin, sai a gyara maɓallan bayan sabwufar kafin awo: Phase, mai juya turawa da jan igiyarta, a kan 0, maɓallin Crossover nata, mai kafa iyaka tsakanin bes da sauran sauti, a murɗa shi zuwa ƙarshe ko a zaɓi LFE, domin kada tacewarta ta hau kan ta risiba, ƙararta kuma a matsakaici. A risiba a sa lasifikoki a kan Small, wato su bar wa sabwufa bes, da Crossover na 80 Hz, wanda shi ne ma'aunin THX, kamfanin da ke tantance sautin sinima, sai dai idan lasifikokin ƙanana ne sosai, a ɗaga zuwa 100 ko 120.

A ce a ɗakinmu sabwufa ta zauna a bangon gaba, tef ya nuna mita 3.6, amma awon risiba na kai tsaye, ko Audyssey ne na Denon da Marantz ko YPAO na Yamaha ko MCACC na Pioneer, ya rubuta mita 4.9. Mai ɗakin zai ga kamar na'urar ta yi kuskure ya so ya mayar da lambar zuwa 3.6, kuma wannan gyara ne da yake ɓata aiki. Sabwufa tana da nata amfilifaya da matatar sauti, wasu har da na'urar sarrafa sauti ta dijital, kuma duk waɗannan suna cin lokaci kafin sautin ya fita. Ƙarin mita 1.3 ɗin nan milisakan 3.8 ne da sautin ya ɓata a cikin akwatin, makirufo ya ji shi, tef kuwa ba shi da hanyar ganinsa. Da lambar 4.9, sabwufa ta zama mafi nisa a lissafi, sai risiba ta jinkirta sauran duka domin su jira ta.

Illar kuskuren tana bayyana a mahaɗar 80 Hz, inda sabwufa da lasifikokin gaba suke fitar da sauti ɗaya tare. Idan sun iso a daidai, suna ƙarfafa juna. Idan an mayar da lambar 3.6, sabwufa za ta makara da mita 1.3 cikin igiya mai mita 4.3, kusan sulusin zagaye ke nan, kuma a lissafi hakan yana rage kusan desibel 5 a wannan yanki. Da kuskuren ya kai mita 2.1, wato rabin igiya, da ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, su kusa shafe juna. Alamar da kunne yake ji ita ce ƙasa tana girgiza idan an yi fashewa a fim, amma muryar namiji ba ta da kauri, bugun ganga ba ya dukan ƙirji, kuma bes ya zama kamar wani abu daban da ke biyo bayan sautin.

Wanda risibarsa ba ta da makirufo, ko yake son tabbatar da awonta, zai iya daidaita wannan da kansa. Ya kunna sautin gwaji na 80 Hz ta yadda lasifikar gaba da sabwufa za su yi aiki tare, ya ajiye ma'aunin ƙara a wurin kansa, ko da na waya ne tunda bambanci kawai ake nema, sannan ya riƙa ƙara nisan sabwufa da santimita 30 yana rubuta abin da ma'aunin ya nuna. Lambar da ta ba da ƙara mafi yawa ita ce daidai. Sai dai a lura cewa wannan ƙololuwa tana maimaita kanta bayan kowace mita 4.3, saboda haka a zaɓi wadda take daidai da awon tef ko sama da shi kaɗan, kuma a sake gwadawa da 70 Hz da 90 Hz, domin lambar da ta dace tana gyara yankin ne gaba ɗaya. Lambar da ta gaza awon tef da yawa abar zargi ce, tunda sauti ba ya isowa kafin lokacinsa, kuma irin wannan yakan faru ne idan kujera tana cikin ramin bes ko an bar Phase a kan 180.

Daidaita ƙara shi ne na ƙarshe, a shafin Level: a bi sautin gwajin risiba lasifika bayan lasifika, a kai kowacce desibel 75 a ma'auni mai saitin C da Slow. Idan awon kai tsaye ya kai lambar sabwufa ƙarshen ma'auninta na ƙasa, misali -12, to ƙarar da ke jikinta ta yi yawa har risiba ta kasa rage ta yadda ya kamata, sai a rage daga maɓallin bayanta a maimaita awon. Duk wannan saiti na kujera ɗaya ne, kuma wanda yake zaune mita ɗaya daga nan zai iya jin bes daban, abin da sabwufa ɗaya ba ta iya gyarawa. Idan kujeru da yawa ake son su daidaita, sabwufa ta biyu a wani ɓangaren ɗakin, kamar tsakiyar bangon gaba da tsakiyar bangon baya, ita ce take rage wannan bambanci, kuma da shigowarta sai a sake awon nisa daga farko.